Takardar rakiyar da ke bin shaidun karatu zuwa jami'a

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, malamai, iyaye da 'yan'uwa, barkanmu da haɗuwa.

Da yawa a cikinmu nan Jidda ana turo mana hotunan shaidun karatu daga gida ta waya, a ce a fassara su zuwa Larabci a nema wa yaro gurbi, misali a Jami'ar Musulunci ta Madina. Ina so in yi magana a kan takardar rakiyar da ake ɗorawa a sama, domin ita ma'aikaci ke fara karantawa.

Shafi ɗaya ya isa. Bayan basmala da kwanan wata, a rubuta wanda ake aika wa da muƙaminsa, wato سعادة عميد القبول والتسجيل, sai sallama cikakkiya. Layi na gaba shi ne الموضوع, inda za a sa sunan ɗalibi, lambar fasfonsa, da lambar neman gurbi idan ya riga ya samu. A ƙasa, ƙarƙashin المرفقات, a jera takardun da lamba, kowace fassara tana bin hoton asalinta. Idan an ce biyar ne, a ƙirga a ga biyar.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan: a faɗa ƙarara cewa daga hoto aka yi fassarar, mai fassara bai riƙe asalin a hannunsa ba, kuma ɗalibi zai kawo asalin duk lokacin da aka nema. Don Allah kada a ɓoye wannan. Hoton waya yakan yanke gefen takarda, haske ya cinye hatimi, sau da yawa ma ba a ɗauki bayan takardar ba, alhali a nan tambarin tantancewa na ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje yakan kasance. Inda hatimi bai fito ba, a rubuta ختم غير واضح, ko mafi kyau a sa a sake ɗauka, a shimfiɗe a kan tebur, kusurwa huɗu duk a fili. Cike gurbi da zato cin amana ne.

Ga misali. Fasfo ya ce Abubakar Muhammad Sani, shaidar sakandare ta ce Abubakar Moh'd Sani. Kada mai fassara ya gyara a ɓoye. Ya fassara yadda ya gani, takardar rakiya ta bayyana cewa mutum ɗaya ne, a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu. Haka sakamako: C6 ya zauna C6, kada a mayar da shi "jayyid". Jami'a ce ke da ikon auna shi da ma'auninta.

Sai a rufe da وتفضلوا بقبول فائق الاحترام, suna, sa hannu, da lambar waya mai lambar ƙasa. Wanda ke da takardu a hannu yanzu ya same ni bayan salla mu duba tare. Na gode.