Sharhi: Naira dubu 200 da wata shida a Birnin Kebbi

"Malam, ni ɗalibi ne daga Zuru. An tura ni aikin sanin makama na wata shida a wata ma'aikata da ke Gwadangaji, ba albashi. Baba ya haɗa mini naira dubu 200. Kawuna yana can ƙarshen gari, ya ce in zauna wurinsa kyauta. Abokaina biyu kuma sun ce mu kama ɗaki kusa da wurin aiki. Wanne ya fi?"

To ƙanena, ɗauko biro. Masu sauraro da ke da ɗa ko 'ya a kan wannan hanya, ku ma ku matso.

Da farko ka cire alawus ɗin SIWES, wato shirin tura ɗalibai aikin sanin makama, daga lissafi. Hukumar horar da ma'aikata ta ITF ce ta kafa shirin a shekarun 1970, kuma abin da aka saba ba ɗalibi shi ne naira 2,500 a wata, wato dubu 15 a wata shida. Sau da yawa sai an gama, an koma aji, kafin ya shigo. In ya zo, ka sayi kati.

Abin da zai ci kuɗinka shi ne tazarar da ke tsakanin katifarka da ofis. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu ya daina zama canjin aljihu. Mu ɗauka daga gidan kawu ɗari biyar ne zuwa, ɗari biyar dawowa. Dubu ɗaya ke nan a rana, dubu 22 a ranakun aiki na wata, dubu 132 a wata shida. Masaukin da aka ce kyauta ne ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na guzurinka, ba ka ci abincin rana ba tukuna. Tuwon dare dai za ka samu, wannan gaskiya ne. Amma baƙon wata shida ba ya shiga gidan mutane hannu rabbana, kuma duk ranar da aka aike ka da safe, kai za ka yi wa shugabanka bayanin makara.

Ɗakin haya kuma nasa ciwon daban. Masu gida kuɗin shekara suke so, kai kuwa rabinta za ka yi. Mu ce an yi muku dubu 120, ku uku, kowa dubu 40. Kafin ku biya, ku yi magana da mai gida a gaban shaida: in kun tashi, zai yarda wasu ɗalibai su ƙarasa watannin su mayar muku da wani abu? Ku tambayi kuɗin wuta, ku duba ko akwai rijiya ko famfo, domin sayen jarka wurin 'yan garuwa kullum wata haya ce. Sannan ka taka hanyar da ƙafarka da tsakar rana, ba da sanyin safiya ba. Zafin Birnin Kebbi a Maris da Afrilu yana haura digiri 40. In tafiyar ta wuce minti ashirin, kafin mako ya ƙare ka koma bayan babur, ka biya haya ka kuma biya ɗan kabu-kabu.

Yanzu raba kuɗin. Ɗaki dubu 40. Motar zuwa da komawa Zuru, da leƙa gida sau ɗaya, ware dubu 20. Sutura dubu 15 ta isa: kaftani biyu da kake da su, wando da riga biyu daga 'yan gwanjo, takalmi sau-ciki ɗaya mai ƙwari. Kada ka ɗinka sabo don burge kowa, sai dai in wurin ya ce dole rigar ɗakin gwaji ko takalmin kariya, wannan ka tambaya tun kana gida. Wata dubu 15 ka ba wa Inna ta riƙe, ta zazzaɓi ce.

Saura dubu 110 a mako 26. Kusan 4,200 ke nan a mako, ɗari shida a rana, kuma a ciki har da sabulu da data. Kai ma ka san ɗari shida ba ta ciyar da mutum sau uku a wurin mai abinci. Saboda haka wannan lissafi ba ya tsayuwa sai da buhu daga gida: shinkafa, wake, garin masara, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kuka, daddawa, yaji da man gyaɗa. Tukunya ɗaya ku uku, kowa da ranar girkinsa, a dafa da dare a ɗebi na rana a kula.

Ni dai ɗakin na zaɓa maka, muddin ƙafa za ta kai ka ofis. Juma'a ka je ka gaida kawu, ka ci tuwo a can. Kuɗin kuwa ka bar su a asusu, ka riƙa cire na mako guda kowace Lahadi. In Laraba ta yi aljihu ya bushe mako biyu a jere, ka duba abu biyu: ko ka fara hawa babur, ko kun daina ɗora tukunya.