Abinci Ba Ya Goge Rubutun Gado

"Na karanta a waya cewa masana sun gano abinci yana canza ƙwayoyin halitta, wai epijenetik. Ashe ɗana mai sikila zai warke in na canza masa cima?"

Saƙon wata uwa ke nan da ya iso mana, kuma jama'a masu sauraro, ya tayar mini da hankali. Hajiya, a'a, ba zai warke ta wannan hanya ba. Masanan ma ba haka suka ce ba, masu tallan garin magani ne suka murɗe zancen.

Kusan kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da rubutun gado iri ɗaya, haruffa kimanin biliyan 3 na A, C, G da T, waɗanda a cikinsu akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000. To me ya sa ƙwayar hanta ta bambanta da ta ido? Saboda kowacce akwai sashen da take karantawa, akwai wanda ta rufe. Ku ɗauki rediyon da ke gabanku: kuna iya ƙara murya ko ku rage, amma kalmomin da nake faɗa ba za su sauya ba. Epijenetik ilimin wannan ƙari da ragi ne. Hanya mafi shahara ita ce wani ɗan sinadari, metil, ya manne a kan rubutun, galibi a harafin C. In ya taru a farkon wata ƙwayar gado, yawanci sai ta yi shiru. Jiki kuwa yana samar da metil ɗin ne da taimakon abin da aka ci, irin su folik asid da bitamin B12. Nan abinci ya shigo.

A 2003, Robert Waterland da Randy Jirtle na Jami'ar Duke a Amurka sun gwada wannan a kan wasu ɓeraye masu ƙwayar gado da ake kira aguti. In tana aiki ba ƙaƙƙautawa, ɓera yakan fito rawaya, ya yi mummunar ƙiba, ciwon sukari ya fi saurin kama shi. Sai aka ƙara wa wasu iyaye mata folik asid, bitamin B12, kolin da betayin, tun kafin su ɗauki ciki har zuwa shayarwa. 'Ya'yansu da yawa suka fito ruwan ƙasa, domin metil ya rufe bakin aguti. Ku lura da kyau: ƙwayar aguti tana nan daram a jikin rawayan da na ruwan ƙasan, harafi ɗaya bai canza ba. Kuma ba duka 'ya'yan ne suka sauya launi ba, rinjaye ne ya karkata.

A mutane fa? An yi bincike a karkarar Gambiya, inda damina lokacin ƙarancin abinci ne kamar yadda manomanmu suka sani, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna jariran da aka ɗauki cikinsu da damina sun bambanta da na rani wajen yawan metil a wasu 'yan ƙwayoyin gado. Bambancin ɗan kaɗan ne, ya samo asali ne daga kwanakin farko na ciki, kuma binciken bai ce ya warkar da wata cuta ba.

Yanzu mu koma kan sikila. Matsalarta a cikin rubutun take. A ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin jan jini, harafi ɗaya ne ya sauya, inda ya kamata a ga GAG sai aka ga GTG. Yaron da ya gaji wannan daga uwa da uba shi ne SS. Ƙara murya ko rage ta ba ya gyara kalmar da aka rubuta ba daidai ba. Zogale ba ya mayar da T ta koma A, zuma ba ta yi, garin da ake tallatawa a mota da lasifika ba ya yi!

Wani zai ce ai likitoci ma suna ba masu sikila folik asid. Suna bayarwa, domin jinin mai sikila yana saurin mutuwa, jiki na buƙatarsa ya ƙera sabo. Tallafi ne, kuma in aka sake gwada yaron, SS za a gani.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne uwar da za ta ji wannan kalma ta epijenetik, ta daina kai ɗanta asibiti, ta zuba kuɗinta a gari. Hajiya, ki ba shi abinci mai gina jiki da ruwa isasshe, ki sa shi a gidan sauro, ya ci gaba da shan magungunan da likita ya rubuta. In zazzaɓi ya taso ko ciwon ƙashi ya tsananta, a garzaya da shi asibiti a ranar.