Daular Fulani ko Khilafar Sakkwato? Yadda Labarin Jihadin Shehu Ya Riƙa Sauya Kama a Hannun Masana

A shekarar 1967 littattafai biyu suka fito a Ingila a kan abu guda. Na farko wani tsohon jami'in mulkin mallaka ne ya rubuta shi, H.A.S. Johnston, ya sa masa suna Daular Fulani ta Sakkwato. Na biyu kuwa na wani matashin mai bincike ne, Murray Last, shi kuma ya kira nasa Khilafar Sakkwato. Ƙasar ɗaya ce, mutanen su ne dai, yaƙoƙin ma su ne. Amma wanda ya ce "Daular Fulani" ya riga ya gaya maka cewa wata ƙabila ce ta ci wata da yaƙi, wanda ya ce "Khilafa" kuma yana nufin malamai ne suka kafa hukuma bisa abin da suka karanta. Yau za mu bi sawun yadda aka taso daga sunan farko zuwa na biyu, da abin da ya biyo baya.

Waɗanda suka fara rubuta tarihin jihadin su ne waɗanda suka yi shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, kafin 1812 ta ƙare Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, shekara guda bayan haka ƙanen Shehu, Abdullahi, ya haɗa Tazyinul Waraƙati. A wurinsu maganar ba ta da wuya: jama'ar Musulmi ce aka zalunta, ta yi hijira, ta kare kanta. Sai dai tun a lokacin ba a taru an zama ɗaya ba. Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi na Barno ya rubuto yana cewa saɓo daban, kafirci daban, to da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi? Bello bai ɓoye wannan ba, ya kwafe wasiƙun a cikin littafinsa ya ba da amsa. Shi ma Abdullahi, tun ana tsakiyar yaƙi ya yi waƙe yana kukan cewa wasu daga cikin jama'a sun koma neman mulki da dawaki da ƙwaraƙwarai. Ashe sukar jihadin ta girmi Bature a ƙasar nan.

[Hoto: ganuwar Sakkwato, 1903]

A watan Maris na 1903, bayan sojojin Ingila sun ci Sakkwato, Lugard ya tara manyan gari ya yi musu jawabi. Gundarin maganarsa shi ne: a da Fulani ƙarƙashin Ɗan Fodiyo sun ci ƙasar nan da yaƙi, suka sami ikon naɗa sarki da tuɓe shi da karɓar haraji, yanzu su ma an ci su, don haka ikon ya dawo hannun Ingila. Ku lura da abin da wannan fassara take yi masa. Idan jihadin mamaya ce ta baƙi, to Bature bai ƙwace komai daga mai shi ba, ɗan mamaya ne ya gaji ɗan mamaya. Ga kuma ra'ayin da ya cika rubuce-rubucen Turawan wancan zamani, cewa Fulani wani jinsi ne na daban da aka halitta don mulki, abin da ya yi daidai da tsarinsu na mulki ta hannun sarakuna.

Ba wai ba su karanta littattafan ba ne. E.J. Arnett ya juya Infaƙul Maisuri zuwa Turanci, wani wuri fassara wani wuri taƙaitawa, aka buga a 1922. Amma sunan da ya ba aikin shi ne Tasowar Fulanin Sakkwato. Littafin da mai shi ya rubuta a kan jama'a da addini, ya fito da rigar ƙabila.

Juyin ya fara ne daga Ibadan, dab da samun 'yancin kai. Wani malamin tarihi, H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya buga maƙala a 1961 yana cewa an yi sakaci da juyin juya halin Musulunci na ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, alhali ga tarin rubuce-rubucen Larabci da jagororinsa suka bari. Ɗalibinsa Murray Last ya tattara ya tafi Sakkwato, ya zauna yana karatu a wurin Waziri Junaidu, yana bin wasiƙu da littattafan gidan Waziri. Abin da ya gani a takardun nan hukuma ce mai Amirul Muminina da waziri da alƙalai, ana aika wa Kano da Zazzau da Bauci wasiƙa ana kafa hujja da fiƙihun Malikiyya. Daga nan kalmar Khilafa ta shiga bakin masana, har ta kai yau yaran makaranta suna ɗauka sunan da aka san ƙasar da shi ke nan tun fil azal. Kada kuma a manta da lokacin: Firimiyan Jihar Arewa a shekarun nan Sardauna ne, jinin Shehu, kuma sabuwar ƙasa tana neman tarihin da za ta ɗaga kai da shi.

Wannan hanya ta gyara babban kuskure, amma ta zo da nata. Wanda ya karanta tarihi daga taskar Waziri, da idon Waziri zai ga duniya. Masanin zamantakewa M.G. Smith, wanda ya yi aiki a kan sarautar Zazzau, ya yi ta jan hankali cewa abin da aka rubuta a littafi daban, abin da ya faru wurin rabon sarauta daban.

Ga misali. A 1960 Mervyn Hiskett ya buga Kitabul Farƙi, littafin da ake jingina wa Shehu, tare da fassara. A ciki an jero abubuwan da ake zargin sarakunan Hausa da su, har da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, gaisuwa, da sauransu. Mai neman dalilin addini zai ce ga shi nan, haraji ne da shari'a ba ta san da shi ba. Mai neman dalilin tattalin arziki zai ce a'a, dubi jangali, kukan makiyayi ne, dubi kuɗin gari, kukan talaka ne. Na uku kuma zai tambaya: to in haka ne, me ya sa Turawa suka tarar ana karɓar jangali da kuɗin ƙasa a masarautun da masu tuta suka kafa? Duk ukun daga shafi ɗaya suke karatu.

[Hoto: Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya]

A shekarun 1970 maganar ta koma Zariya. Yusufu Bala Usman ya yi digirinsa na uku a kan Katsina, aka buga shi littafi a 1981, kuma shi ya tace kundin taron da aka yi a Sakkwato a 1975 kan tarihin Khilafar. Shi kai tsaye ya kama tushen abin: wannan rabon na "Haɓe" da "Fulani" da kowa ke aiki da shi, wa ya ce shi ne ma'aunin? Ya bi garuruwa da unguwanni da zuriyoyin ƙasar Katsina, ya nuna cewa abin da ya raba mutane shi ne inda suke zaune, da sana'arsu, da dangantakarsu da fada, da malaman da suke bi. A ganina wannan ne gyara mafi nauyi da aka yi, don ya sauya tambayar ne ɗungurungum, daga "wace ƙabila" zuwa "wane matsayi a cikin al'umma".

Mu gwada duk waɗannan ma'aunai a kan mutum ɗaya, Malam Abdussalami. Ba Bafillace ba ne, Ba'are ne, almajirin Shehu, ya kafa zama da jama'arsa a Gimbana. Harin da rundunar Gobir ta kai wa Gimbana, da kuɓutar da kamammun da mutanen Shehu suka yi lokacin da aka biyo da su ta kusa da Degel, shi ne abin da ya kai ga hijira. Wato tartsatsin da ya kunna "yaƙin Fulani" a kan malami Bahaushe ya tashi. Nan labarin Lugard ya fara tangal-tangal.

Amma bayan rasuwar Shehu a 1817, shi wannan Abdussalami, yana zaune a Kware, ya yi wa Bello tawaye. Ya yi ƙorafin cewa rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba, kuma ana zalunci. Aka yi musayar wasiƙu, aka yi yaƙi, ya rasu a 1818. Mai ra'ayin ƙabila zai yi tsalle ya ce kun gani, da aka zo rabo an ture Bahaushe. Mai bin littattafan Sakkwato zai ce mutum ne da ya warware mubaya'a ya haɗa kai da abokan gaba. Mai bin hanyar Zariya zai tambayi su wa suka bi shi Kware, manoma ne ko 'yan kasuwa, me suka rasa a sabon tsari. Abin da ke ɗaure wa kowa hannu shi ne, babban abin da muke da shi a kan rikicin littafin Sardul Kalami ne, kuma Bello ne ya rubuta shi. Har maganganun Abdussalami ta alƙalamin wanda ya ci shi da yaƙi suka iso gare mu.

Daga shekarun 1980 sai aka fara tambayar su wa aka bari a waje. Jean Boyd ta fitar da tarihin Nana Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a 1997, sai ga 'yan taru, wato matan da ke taruwa neman ilimi a wurinta, da jajis, jagororinsu, sun shigo tarihin da a da na mayaƙa da waziri ne kawai. Paul Lovejoy kuma ya bi ta kan bauta, da rinji da gandu: harkar da ta fara da kukan ana bautar da Musulmi ta haifar da ɗaya daga cikin manyan al'ummomin bayi na ƙarni na 19. A littafinsa na 2016 ya ajiye jihadin a sahu ɗaya da juyin juya halin Faransa da na Haiti, ya bi tasirinsa har Bahia ta Birazil.

Sauran muryar da har yanzu ba ta da ƙarfi a kantin littattafai ita ce ta waɗanda aka kora. Gidan sarautar Katsina da ya koma Maraɗi, da Gobirawan Tsibiri, sun shafe yawancin ƙarni na 19 suna yaƙi da Sakkwato, kuma nasu labarin ya fi zama a bakin maroƙa da makaɗa da dattawan fada. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta jefa su ɓangaren Nijar, don haka yawancin abin da aka tattara daga gare su da Faransanci aka rubuta shi, tun daga ayarin Tilho da ya bi iyakar a farkon ƙarni na 20. Ɗalibin Zariya da ke karatu da Turanci da Larabci sai ya ƙara harshe na uku kafin ya ji yadda ake ba da labarin faɗuwar Katsina ta 1807 a Maraɗi, garin da daga Katsina bai kai tafiyar kilomita 100 ba.