Lambar da ke Ƙarƙashin "Ave": Inda Lissafin Kurket ke Ruɗar Mutane

(Hoto: allon alƙaluma, sunan Tendulkar da na Dhoni gefe da gefe)

Kalli lambobin nan biyu. A wasannin kurket na yini ɗaya, matsakaicin maki, wato Ave, na Sachin Tendulkar 44.83 ne, na MS Dhoni kuma 50.57. Dukansu tsoffin gwanayen bugu ne na Indiya. Daga nan gardamar ke tashi kullum. Wani ya ce to ai magana ta ƙare, Dhoni ya fi cin maki duk shigar da ya yi. Ɗan dakata, malam. Lambar gaskiya ce, amma ba abin da kake tsammani take aunawa ba.

A gurguje, don wanda bai saba da wasan ba: mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya doka, ya tara maki da gudu ko da kai ƙwallon bakin fili. Haka zai yi ta bugu har a fitar da shi, ko ƙwallayen da aka ware su ƙare, ko ƙungiyarsa ta ci wasan, ko abokan bugunsa duk a fitar da su ya rage shi kaɗai. Riƙe waɗannan ukun na ƙarshe, a kansu maganar take.

(Hoto: lissafin ya fito a allo)

```
Ave = Runs / (Inns - NO)
```

Yawancinmu mun ɗauka ana raba maki ne da yawan shigar da mutum ya yi, kamar yadda malami ke raba makin ɗalibi da yawan jarrabawa. A kurket kuwa da yawan fitarwa ake rabawa. Runs shi ne jimlar maki, Inns kuma yawan shiga bugu. Ka ga NO ɗin nan? Shi ne adadin lokutan da mutum ya shiga, ya yi bugu, aka tashi ba a fitar da shi ba. Makin da ya ci a irin wannan rana ana zuba shi a sama, amma ranar kanta ba a ƙirga ta a ƙasa.

Bari mu yi da ƙananan lambobi. Mutum ya shiga sau uku, kowane karo ya ci 30. Jimla 90. In duk ukun an fitar da shi, matsakaicinsa 30. In sau ɗaya kawai aka fitar da shi, 90 a raba da ɗaya, matsakaicinsa 90. Mutumin da bai taɓa wuce 30 ba a rayuwarsa, ga shi allo na nuna 90.

Wannan fa ba tatsuniya ba ce. A 1953 Ostireliya ta kai rangadi Ingila, a cikinsu akwai Bill Johnston, mai jifa ne, shi ake turawa bugu a ƙarshen ƙarshe. Ya shiga sau 17, sau ɗaya tak aka fitar da shi, ya tara maki 102. Matsakaici: 102. Ya bar manyan masu bugun ƙungiyarsa a baya, alhali kowace shiga maki shida yake kawowa. Har abokan wasansa sun taya shi tsare lambar a ƙarshen rangadin, don abin ya zama musu abin dariya.

(Hoto: a koma kan allon farko, a haska layin NO)

To mu koma kan mutanenmu. Tendulkar ya shiga sau 452, ya ci 18,426, kuma sau 41 ne kawai aka tashi yana tsaye. Dhoni ya shiga sau 297, ya ci 10,773, aka tashi yana tsaye sau 84. Yanzu mu yi irin lissafin malamin makaranta, mu raba da yawan shiga. Tendulkar ya fito da kusan 41. Dhoni kusan 36. Jerin ya juye ke nan.

Dalilin bambancin shi ne wurin da kowa ke shiga. Tendulkar yawanci shi ke buɗe bugu, ƙwallo 300 na gabansa, kuma da wuya mutum ya tsaya tun daga na farko har na ƙarshe. Dhoni yawanci na biyar ne, ko na shida, ko na bakwai. Sau da yawa yana shiga ne wasa ya doshi ƙarshe, ya ƙarasa aikin, ya fita da sandarsa a hannu.

Amma kada magoya bayan Sachin su yi saurin tafi, don shi ma wannan lissafin na biyu yana da tasa ƙwarar. Mutumin da aka tashi yana da 35 bai gama ba, lokaci ne ya yanke masa. A kurket farkon shiga ya fi haɗari, idan ido ya saba da ƙwallo bugu na sauƙaƙa. Wato an katse shi ne daidai lokacin da hannunsa ya faɗa. In ka ƙirga masa wannan ranar kamar an fitar da shi, ka hukunta shi kan laifin da bai yi ba. Ni a ganina, Ave tana amsa tambaya ɗaya ce: maki nawa mutum ke ci kafin a samu a fitar da shi? Tambaya ce mai kyau. Ita kuwa tambayar nawa yake kawo wa ƙungiya a kowane wasa, wannan daban ce.

(Hoto: a matsa zuwa layin SR)

Saura lamba ɗaya, SR, saurin cin maki. Wannan ba ta da wuya: maki nawa a kowace ƙwallo ɗari. Ka ci 50 a ƙwallo 100, kana da 50. Ka ci 50 a ƙwallo 25, kana da 200. A wasan kwana biyar ba a cika damuwa da ita ba, lokaci na nan. A wasan da aka ƙayyade ƙwallaye kuwa, kowace ƙwallon da ka tsare ba ka ci komai ba ta tafi ke nan, abokinka ma ba zai same ta ba. Shi ya sa Shahid Afridi na Pakistan, da matsakaicinsa bai kai 24 ba, ya shekara kusan ashirin ana sa shi: saurinsa 117 ne. To, yana jifa ma, kada mu manta.

(Hoto: filin Lord's, tsohon faifai, 1975)

Ga inda abubuwan biyu suka haɗu. Wasan farko na Kofin Duniya, 1975, a Landan. Ingila ta ci 334. Indiya na da ƙwallo 360, tana neman 335, wato kusan maki 93 a kowace ɗari. Sunil Gavaskar, ɗaya daga cikin gwanayen da Indiya ta taɓa yi, ya buɗe bugu. Ya tsaya daga farko har ƙarshe, ya fuskanci ƙwallo 174, ya ci 36. Saurinsa bai kai 21 ba. Indiya ta tsaya a 132, aka doke ta da tazarar 202.

Yanzu duba abin da wannan rana ta yi wa matsakaicinsa. An ƙara masa 36 a sama, ba a ƙara komai a ƙasa ba, tunda ba a fitar da shi ba.

(Hoto: layin Gavaskar a allon sakamako, 36 da tauraro a gefenta, alamar ba a fitar da shi ba)