Yaushe Ake Sake Daidaita Jari, Kuma Nawa Yake Ci?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganarmu a kan sake daidaita jari ne, wato mayar da rabon kuɗinka yadda ka tsara shi tun farko. To bari mu yi lissafin kai tsaye.

A ce ka zuba miliyan ɗaya, dubu 600 a hannun jari, dubu 400 a takardun lamuni, wato takardun bashin da gwamnati ko kamfani ke sayarwa, ko sukuk, irinsu na tsarin Musulunci, kashi 60 da 40 ke nan. Shekara ta zagayo hannun jari ya tashi da kashi 30, ya koma dubu 780, ɗayan kuma yana nan a dubu 400. Jimla miliyan ɗaya da dubu 180. In ka raba za ka ga hannun jari ya kai kashi 66 cikin ɗari, ka ga kasadar ta ƙaru ba tare da ka taɓa komai ba, ran da kasuwa ta faɗi kuwa asarar za ta fi wadda ka shirya wa. Kafin ka koma 60 sai ka sayar da na dubu 72 ka zuba a ɗaya ɓangaren.

Amma fa ba kyauta ba ne. Dillali zai ci la'ada a sayarwa, ya sake ci a saye, in muka ɗauka kashi ɗaya ne kowanne, 1,440 ta tafi ke nan. Ga ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, wannan ba za ka gan ta a rasit ba amma tana ci, musamman a hannun jarin da ba a yawan cinikinsa. Sannan a ƙasashen da ake karɓar haraji kan ribar jari, cikin dubu 72 ɗin nan kusan dubu 16 da 600 riba ce, ita za a yi wa haraji.

Shi ya sa ni ban yarda da masu cewa a daidaita duk wata ba, dillali kawai kake yi wa aiki. Ka sa rana ɗaya a shekara ko biyu ka duba, in karkatar ba ta kai maki biyar ba, misali 63 maimakon 60, ka ƙyale shi kawai. In ta wuce 65 ko ta yi ƙasa da 55, to nan ne za ka motsa.

Kuma ko a nan ɗin ma ba lallai sai ka sayar ba. In kana da sabon kuɗi, ko ribar da kamfanoni suka raba maka, tura su ɓangaren da ya yi ƙasa. A misalinmu dubu 120 za ka ƙara a takardun lamuni, su zama dubu 520 cikin miliyan ɗaya da dubu 300, kashi 40 cif. La'ada sau ɗaya, harajin sayarwa kuma babu shi tunda ba ka sayar da komai ba.