Darasi: Fassara Yarjejeniyar Haya Daga Hoto, Sashe Bayan Sashe

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Abin da ke kan allona yau yarjejeniyar haya ce mai shafi 5, an rubuta ta da Turanci, wata baiwar Allah ta ɗauke ta a hoto da wayarta ta turo mini domin in bayyana mata abin da za ta sa wa hannu. Na rufe sunaye da adireshi, kuma da izininta nake nuna muku. Ba zan tsaya kan yadda ake ciro rubutu daga hoto ba, domin kowannenku yana da manhajar da ya saba da ita.

Abin da zan tsaya a kansa shi ne hoton kansa. Ku dubi shafi na 3, inda takardar ta lanƙwasa wajen da aka dinke ta, har ƙarshen layukan ya shige cikin inuwa. Manhaja ba ta gaya muku cewa ta rasa kalma, sai dai ta haɗa abin da ta gani ta ba ku jimla mai kama da cikakkiya. A wannan layin kalmar da ta ɓata ita ce "not", wato an hana ɗan haya wani abu, amma rubutun da aka ciro yana nuna an umarce shi da yin sa. Saboda haka kafin in fassara ko harafi ɗaya nakan ƙirga shafuka, in bi lambobin sassa in ga ko akwai wadda ta tsallake, sannan in buƙaci a sake ɗaukar duk shafin da gefensa bai fito ba, a shimfiɗe, cikin haske. Haka kuma nakan gwada kowace lamba da yadda aka rubuta ta da kalmomi a kusa da ita, domin 1 da 7 suna yawan rikiɗa a hoto. Idan an soke wani abu an rubuta wani da biro, sai in duba ko ɓangarorin biyu sun sa hannu a gefen gyaran, in kuma ambaci hakan a fassarar.

Ni dai na fi son tebur mai gida uku, na farko ga asalin rubutun, na biyu ga fassara, na uku ga bayani. Wasu suna cakuɗa fassara da bayani domin sauri, amma ban yarda da hakan ba, domin ranar da rigima ta tashi mai karatu zai ɗauka cewa abin da mai fassara ya ƙara yana cikin takardar, alhali babu shi.

Sashe na 1 na sunaye ne da ma'anonin kalmomi, ba zai ɗauke mu lokaci ba. Abu ɗaya kawai za ku riƙe, duk kalmar da aka fara da babban harafi, kamar "Premises", an ba ta ma'ana ta musamman a nan. A wannan takardar tana nufin ɗakunan da ke hawa na biyu kaɗai, ban da matakala da farfajiya, don haka idan na fassara ta da "gidan" na ɗora wa ɗan haya nauyin ginin gaba ɗaya. Zan rubuta "wurin da aka ba da haya", kuma ba zan sauya ba har ƙarshe.

Yanzu mu je sashe na 4(b). A'a, wannan na biyan kuɗin wuta da ruwa ne, 4(c) nake nufi, ga shi nan na ƙara girmansa. An rubuta: "The Tenant shall keep the interior of the Premises in good repair, fair wear and tear excepted." Kowane sashe irin wannan nakan yi masa tambayoyi kafin in taɓa shi: a kan wa nauyin yake, me zai yi, kuma me aka togace? Kalmar "shall" a takardar shari'a ba labarin abin da zai faru gobe take bayarwa ba, wajabci take nunawa, sabanin "may" da ke ba da zaɓi. Don haka a gida na biyu na rubuta: "Wajibi ne ɗan haya ya kula da cikin wurin da aka ba da haya, ya riƙe shi cikin kyakkyawan yanayi, ban da tsufa da lalacewar da amfani na yau da kullum yake jawowa."

Wannan togaciyar ta ƙarshe ita ce ran sashen, kuma ita ce masu gaggawa suke yarwa domin tana maƙale a bayan waƙafi. A gida na uku sai in sauko da maganar ƙasa. Fentin da ya dushe bayan shekara biyu, da marikin ƙofa da ya saki saboda buɗewa da rufewa, da daɓen da ya goge a inda ake yawan takawa, duk aikin yau da gobe ne, ba a bin ɗan haya bashinsu. Gilashin taga da yaro ya fasa da ƙwallo kuwa, ko ramukan da aka huda a bango domin rataye talabijin, ɓarna ce, gyaransu a kansa yake. Akwai kuma abin da ya faɗo tsakani, kamar famfon da ya fara ɗiga saboda tsufa amma aka bar shi wata da watanni har ya ruɓar da katakon da ke ƙarƙashinsa. Ɗigar ta tsufa ce, amma ruɓewar ana iya danganta ta da sakaci, shi ya sa nake rubuta wa mai takarda cewa ta sanar da mai gida a rubuce da zarar ta ga matsala. Ku lura kuma an ce ciki kawai, don haka sai mu nemi wanda aka ɗora wa rufi da bangon waje, kuma ga shi a sashe na 5, mai gida ne.

Daga nan ba zan bi jeri ba, zan tsallaka zuwa sashe na 7, domin shi ne ya jingina da wanda muka gama. Ya ce za a mayar da kuɗin ajiya cikin kwana 30 bayan ƙarewar haya, "subject to clause 4(c)". Ma'anar wannan ita ce mayarwar tana ƙarƙashin sharaɗin wancan sashen, wato mai gida zai iya cire kuɗin gyaran ɓarna, amma ba na tsufa ba. Da mun yar da togaciyar ɗazu, da mai takarda ta fahimci cewa ana iya cire mata kuɗin sabon fenti, ta haƙura da haƙƙinta. Na kuma rubuta mata cewa sashen bai ambaci jerin kayan da ke wurin da yanayinsu a ranar shiga ba, ya kamata ta nemi a yi shi, ta ɗauki hotuna masu kwanan wata. Kwana 30 ɗin ma na bar shi kwana 30, ban mayar da shi wata guda ba, domin ba kowane wata ne yake da kwana 30 ba.



Sashe na 8 ya yi alƙawarin "quiet enjoyment", wanda mutane da yawa suke ɗauka cewa umarni ne ga ɗan haya kada ya yi hayaniya. Alƙawari ne daga mai gida cewa shi ko wakilinsa ba za su tsoma baki ko su takura wa ɗan haya a zamansa ba, haka kuma na fassara shi.

Sashe na 9 ya ba mai gida damar sake karɓe wurin idan an yi jinkirin biya na kwana 21. Na fassara shi yadda yake, ban sassauta ba, amma a gidan bayani na rubuta cewa dokokin haya sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a wurare da yawa ba a fitar da mutum daga gidan zama sai da sanarwa da umarnin kotu, komai takarda ta ce. Ko sashen zai yi aiki a inda take zaune, wannan tambaya ce ta lauya, na kuma ja masa layi ja domin ta kai masa kafin ta sa hannu. A darasi na gaba za mu ɗauki sashe na 10, na sanarwar tashi da yadda ake ƙirga wa'adinta.