Zoɓo a Ƙofar Makaranta: Robar da Riba Take Farawa

Mai son fara sayar da zoɓo a Samaru ko Kongo da ke Zariya, inda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suke kai-komo, ba ta buƙatar jari mai yawa: tukunya, rariya, kula da robobi sun wadatar. Abin da yake karya masu wannan sana'a shi ne ɗaukar kuɗin da ya taru a jaka da yamma a matsayin riba, alhali mafi yawansa uwar kuɗi ce da za ta koma kasuwa gobe.

Bari mu ɗauki misali, kowa kuma ya sa farashin da ya tarar a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada. A ce za ki haɗa roba 60, kowace a kan naira 200. Zoɓorodo ya ci 1,500, sukari 3,000, citta da kanumfari 500, robobi 1,500. A nan mutane da yawa suke rufe lissafi, su manta da ƙanƙarar 1,000, da gawayin 400, da kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa 600. Jimillar abin da aka kashe ta kama 8,500.

Idan duka suka shiga, cinikin 12,000 ne, riba 3,500. Amma lissafin da ya fi wannan amfani shi ne raba 8,500 da 200, wanda yake nuna cewa sai kin sayar da roba 43 kafin uwar kuɗinki ta dawo. Saboda haka kusan duk ribar ranar tana cikin robobi 17 na ƙarshe. Ranar da kika sayar da 50 kawai, ribar ta sauko zuwa 1,500, ko da yake a ido kular ta kusa ƙarewa.

Goman da suka yi kwantai su ne abin lura. Zoɓon da aka zuba wa sukari ba ya jure kwana ba tare da sanyi ba, kuma dogaro da wutar lantarki a nan ganganci ne. Idan kika matsa robar kika ji ta yi tauri, ko ta yi huci da kumfa a lokacin buɗe murfi, to ya fara lalacewa. Zubar da shi ya fi sayar wa ɗalibin da zai gaya wa ajinsu gaba ɗaya. Bashi ma kada ya shiga cinikin ranar sai an biya.

A watannin Maris da Afrilu ciniki yakan buɗe, sai dai ƙanƙara takan yi tsada. Da hunturu, ko lokacin hutu, ko azumi, yakan ja baya sosai. Don haka ki rubuta adadin da kika sayar kowace rana na tsawon mako guda, sannan ki riƙa haɗa abin da kika saba sayarwa a ranar da kasuwa ba ta yi kyau ba, ki ƙara roba biyar kacal a kai.